Laccar Kontagora A Dandalin X: Kada A Raba Magana Da Sharaɗinta

Duk mutumin Kontagora da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin hoton da ake aiko masa ta waya idan an yi taro a gida. Za a ga babban tebur an jera masa ruwan gora, manyan baƙi sun zauna da manyan riguna, ga wani malami a tsaye riƙe da abin magana. A ƙarƙashin hoton sai a rubuta cewa an yi taro lafiya an tashi lafiya, Malam Wane ya gabatar da muhimmiyar lacca. Shi ke nan. Abin da Malam Wane ya faɗa kuwa, sai wanda ya zauna a zauren.

Garin Sarkin Sudan ba ya rasa irin waɗannan tarurruka. Ga jami'ar horon malamai ta Gwamnatin Tarayya, wadda a da kwaleji ce, ga ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, ga malaman gona da ma'aikatan lafiya. Ana yin magana mai amfani, amma yawancinta a zauren take kwana. 'Yan shekarun nan wasu samari sun fara wata ɗabi'a mai kyau, watau su ɗauki laccar su mai da ita jerin gajerun saƙonni a dandalin X, wanda aka sani da Tuwita kafin a sauya masa suna a 2023. Ƙa'idar da suke bi ita ce kowane saƙo ya ɗauki magana ɗaya tak. Ƙa'idar ba ta da laifi, amma da yawa ba su fahimci abin da ake nufi da magana ɗaya ba, kuma rashin fahimtar nan yana iya jawo wa wani asarar jarinsa.

Da farko sai a duba girman akwatin da za a zuba maganar. Lokacin da aka buɗe Tuwita a 2006, harafi 140 kaɗai saƙo ke ɗauka. A watan Nuwamba na 2017 aka ninka shi ya zama 280, a watan Disamba na shekarar kuma aka ƙara alamar + wadda ke ba mutum damar ya rubuta saƙonni da yawa a jere, sa'an nan ya sake su gaba ɗaya. Har yanzu 280 ɗin ne rabon wanda ba ya biyan kuɗin wata. Tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu duk suna cikin lissafi. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kowanne ɗaya ake ƙirga shi, saboda haka ba hujjar a rubuta kasa alhali ƙasa ake nufi. Adireshin wani shafi kuwa, komai tsawonsa, gurbin harafi 23 yake ci.

Harafi 280 a Hausa bai wuce kalma hamsin da 'yan kai ba. Malamin da ya yi rabin sa'a yana magana a natse zai furta kalma wajen dubu uku da ɗari biyar zuwa dubu huɗu. Idan aka ce za a kwashe duka, ana bukatar saƙo saba'in ko tamanin, kuma ba mai sayar da kaya a kasuwar Mil 12 da zai bar ciniki ya bi saƙo tamanin. Ashe ke nan mai rubuta jerin ba magatakarda ba ne da ke kwafe abin da aka ce. Aikinsa zaɓe ne, zai riƙe ɗaya ya saki tara, kuma duk abin da ya saki shi ke da alhakinsa.

A ɗauki misali da abin da ya shafi aljihun masu karanta wannan shafi. A ce wani malamin gona ya yi lacca a Kontagora a kan ajiyar wake ba tare da maganin ƙwari ba. Maganar ba ta wasa ba ce ga wanda ke jiran mota ta taso daga Kontagora ta bi Mokwa da Jabba da Ilori ta sauke masa kaya a Bodija. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin gubar da ke cikin fiya-fiya. A 2018 kuma aka yi ta yaɗa wani hoton bidiyo na masu zuba wa wake irin wannan magani, abin da ya sa masu saye a Kudu suka shiga zargin kowane ɗan Arewa mai tiya a hannu, da mai laifi da marar laifi.

Malamin zai yi bayanin buhun nan da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amirka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Buhu ne mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka cika shi aka ɗaure, ƙwarin da ke cikin waken su ne za su shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Kafin ya kai nan, ya yi minti biyar yana gaida shugaban taro da iyayen ƙasa, ya yi wasu biyar a kan tarihin noma a Jihar Neja, ya ba da labarin wani kawunsa da ƙwaro ya cinye wa rumbu, an yi dariya. Duk wannan ado ne na zaure, kuma a zaure yana da amfaninsa. A cikin jerin saƙo ba shi da wuri.

To, ga inda ake yin kuskuren. Yaro mai himma zai zauna da wayarsa ya ce magana ɗaya a saƙo ɗaya, sai ya rubuta a saƙo na uku: “Buhun PICS yana kare wake daga ƙwaro, ba sai an sa magani ba.” A saƙo na shida ya rubuta: “A tabbata wake ya bushe sosai.” A na bakwai: “A duba leda kada ta zama da huji.” A ganinsa ya bi ƙa'ida, kowace jimla ta sami ɗakinta. Alhali kuwa abin da ya yi shi ne ya yanka magana guda gida uku, ya warwatsa ta.

Dalili shi ne saƙon X ba ya tafiya da 'yan'uwansa. Mai rubutu yana ganin jerin daga sama har ƙasa kamar shafin littafi, amma mai karatu sau da yawa guda ɗaya ne ke faɗo masa. Wani zai sake yaɗa na ukun kaɗai domin shi ne mai daɗin ji. Wani zai ɗauki hotonsa ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwar hatsi, inda ba na shida ba na bakwai. Alhaji da ke Sabo a Badun, wanda bai taɓa buɗe X ba, ɗansa ne zai karanta masa. Sai ya aika gida a saya masa buhu hamsin, a ɗura wake sabon sussuka da sauran danshinsa, a ɗaure. Ledar da ke hana iska shiga ita ce kuma ke hana danshi fita. Bayan wata uku a buɗe a tarar wake ya yi fumfuna ya sauya kama. Malamin gona bai yi ƙarya ba, yaron ma bai yi ƙarya ba, amma Alhaji ya yi asara, kuma daga ranar ba mai sake gaya masa alherin wannan buhu. Fiya-fiya zai koma wa.

Saboda haka magana ɗaya ba jimla ɗaya ba ce. Magana ɗaya ita ce da'awa tare da sharaɗin da in babu shi da'awar ta zama ƙarya. Ga yadda ya kamata saƙon nan ya kasance: “Buhun PICS yana kare wake daga ƙwaro ba tare da magani ba, amma fa sai waken ya bushe ƙayau kafin a zuba, kuma ledojin biyu ba su da huji ko ɗaya. Ɗanyen wake ruɓewa zai yi a ciki. (3/9)” Wannan bai kai harafi 200 ba, akwai sauran wuri ma. Duk inda aka ɗauke shi aka kai, ya tafi da kayansa cikakku. Saƙonnin da ke biye sai su ɗauki sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya su buɗe su, ba laifi ba ne an maimaita. A lacca maimaici gajiyarwa ne, a jerin saƙo kuwa shi ne ke tsare magana.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai rubutu zai yi kafin ya saki komai. Ya rufe duk sauran saƙonnin, ya karanta guda ɗaya ga wani da bai je taron ba, ko da mai shayin bakin tasha ne, ya tambaye shi abin da zai aikata in wannan kaɗai ya ji. Idan amsar ta zama abin da malamin zai ji ya dafe kai, to, saƙon bai cika ba. Wannan gwaji yana kuma kama wata cuta ta dabam, watau saƙon da ke farawa da “shi ya sa” ko “wannan kuwa” ko “kamar yadda aka ce a sama”. Wane sama? Mai karatu bai ga sama ba. Lalle ne kowane saƙo ya ambaci abin da yake magana a kai da sunansa, wake ko buhu ko leda, ko da an ambace shi sau biyar a baya.

Kishiyar wannan kuskure ita ce cusa. Mai rubutu ya ga saura harafi tamanin, sai ya ji kamar asara ce ya bar su, ya liƙa farashin buhu a gindin bayanin ɗauri. Alamar cusa ita ce kalmar “haka kuma” ko “bugu da ƙari” a tsakiyar saƙo. Duk inda ta fito, a duba da kyau, galibi nan ne magana ta biyu ta fara, nan ne kuma ya kamata a yanka. Bambancin a fili yake: abin da ke bayan “amma” da “sai in” da “muddin” na maganar ne, ba a raba su, abin da ke bayan “haka kuma” baƙo ne, a ba shi nasa masauki.

Idan aka bi wannan hanya, laccar rabin sa'a za ta iya komawa saƙo tara. Na farko shi ne ƙofa, kuma shi kaɗai yawancin mutane za su gani, don haka ba wurin gaisuwa ba ne. A nan ne ake juya tsarin lacca. Malami yakan ajiye sakamakonsa sai ƙarshe domin ya riƙe masu sauraro a kujera, a X kuwa ba wanda ke kan kujera, sai a fara da sakamakon: “Ana iya ajiye busasshen wake wata da watanni ba ƙwaro, ba maganin ƙwari, a buhu mai leda biyu da iska ba ta shiga. Ga bayanin da Malam Wane, malamin gona, ya yi a taron manoma a Kontagora, cikin saƙo 9. (1/9)” An faɗi abin da za a samu, an faɗi mai maganar da inda ya yi ta, an faɗi tsawon tafiyar. Na biyu ya ɗauki illar zuba wa abinci guba. Na uku shi ne wanda aka gani a baya. Na huɗu ya bayyana yadda rashin iska ke kashe ƙwaro, domin wanda ya gane dalili ba zai riƙa buɗe buhu kullum yana leƙawa ba.

Na biyar ya tsaya kan bushewa, da yadda ake ganewa ba tare da na'ura ba. Akwai dabarar da malaman gona ke koyarwa: a zuba hatsi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a ɗan jira, in gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. Na shida shi ne duba leda, a cika ta da iska a riƙe bakin a matsa, in tana sacewa akwai huji. Na bakwai ɗauri: a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure ta ita kaɗai, sa'an nan ta biyu, sa'an nan buhun waje, kowanne da igiyarsa. Wannan matakai uku ne, amma magana ɗaya ce, domin wanda ya ji rabinta zai haɗa ukun ya ɗaure da igiya guda. Na takwas wurin ajiya, a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai huda ba. Na tara ya faɗi inda za a sami cikakkiyar takardar ko a ji muryar malamin.

Lambar nan ta (3/9) da ke gindin saƙo kada a raina ta. Harafi biyar take ci, amma ita ce ke gaya wa wanda hoton saƙo guda ya iske a Shagamu cewa akwai takwas da bai gani ba.

Sai batun amana, wanda ya fi batun dabara nauyi. Laccar ta mai ita ce. Kafin a saki jerin, kamata ya yi a nuna masa, ko a karanta masa ta waya, minti uku ya isa. Malamai suna da kalmomin da suke fakewa a bayansu, irin su “galibi” da “a gwajin da aka yi” da “mai yiwuwa”, kuma su ne farkon abin da mai neman rage haruffa ke jefarwa. In malami ya ce galibi, aka rubuta kullum, an sa masa magana a baki, kuma shi abokan aikinsa za su tuhuma, ba yaron da ya rubuta ba. Haka nan lambobi: in malami ya ambaci wani adadi, a rubuta shi tare da shekararsa da wurin da aka auna, in ba wuri a bar shi gaba ɗaya. Idan mai rubutu yana da nasa ra'ayi, misali yana ganin buhun ya yi tsada ga ƙaramin manomi, yana da 'yancin faɗa, amma a saƙo dabam, a kuma rubuta a fili cewa wannan ba maganar malam ba ce. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne lokacin tambayoyi. Sau da yawa tambayar da wani dattijo ya yi daga bayan zaure, kamar ko ana iya sake amfani da buhun a shekara ta biyu, ta fi rabin laccar amfani, kuma amsarta ta cancanci saƙo guda.

Hoton allo kuwa, wanda ake ɗauka daga kujera ta ashirin, rubutu ya dushe kan wani ya tare rabi, ba ya ƙara komai sai cin kuɗin data. X yana karɓar hoto har huɗu a saƙo guda, amma hoto ɗaya na hannu yana murɗe bakin leda ya fi su duka.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce. Wasu malamai na ganin yanka ilmi gunduwa-gunduwa wulaƙanta shi ne, kuma wanda ya biya kuɗin wata a X yana iya rubuta dubban haruffa a saƙo guda. Wasu kuma na cewa manomin Kontagora da ɗan kasuwar Mil 12 rediyo da saƙon murya suka sani, ba X ba. Maganar ta biyu tana da ƙarfi, ba a musunta. Amma wanda zai yi saƙon muryar ma daga wani wuri zai karanto, kuma in ya samu tara tsararru, kowanne da sharaɗinsa, zai karanta su cikin minti biyu ba tare da ya ɓata ba. Dogon saƙon mai biyan kuɗi kuwa, X yana nuna farkonsa ne kawai ya ɓoye sauran sai an taɓa, ga shi ba a iya ɗauko magana guda daga cikinsa a miƙa wa wanda ita kaɗai yake bukata. Gaskiyar masu sukar ita ce akwai laccar da ba ta yankuwa. Bahasin da kowane mataki ya dogara da na bayansa, kamar hukuncin gado ko lissafin magani gwargwadon nauyin yaro, in aka raba shi an yi ɓarna. Irin wannan sai a yi saƙo guda a nuna inda cikakkensa yake.

Kada kuma a mai da X rumbun ajiya. Ran 5 ga watan Yuni 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Tuwita a Nijeriya, ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu 2022. Wata bakwai ke nan. Wanda ya rubuta jerinsa kai tsaye a dandalin bai ajiye kwafi ba, ya ga yadda abin yake. A fara rubutawa a takarda ko a ma'ajiyar rubutu ta waya, a ƙirga, a gyara, kana a kwafa, a duba jerin sau ɗaya daga sama har ƙasa kafin a taɓa `Post all`.

Duba na ƙarshen nan wajibi ne, domin wanda ba ya biyan kuɗin wata ba shi da damar gyara saƙo bayan ya fita. In aka gano kuskure a na biyar, aka goge shi, jerin ya tsinke a tsakiya, ga kuma hotunan kuskuren sun riga sun kama hanyar Kudu. Abin da ya fi shi ne a amsa a ƙarƙashin saƙon da ke da kuskuren, a fara da kalmar “Gyara”, a rubuta maganar daidai cikakkiya da sharaɗinta, sa'an nan a bi zaurukan WhatsApp da aka san hoton ya shiga a aika musu da gyaran. In kuwa kuskuren na iya cutar da lafiya ko dukiya, kamar a ce an rubuta a zuba wake kafin ya bushe, to, a goge jerin duka a sake sabo, a kuma faɗi dalilin a saƙo na farko.